Wasiƙar Neman Ɗage Jarrabawa Saboda Rashin Lafiya: Tambayoyin Ɗaliban Nas na Zangon Kumasi da Amsoshinsu

Duk lokacin da jarrabawar ƙarshen simesta ta ƙarato, ba a rasa ɗaliba ko uwar ɗaliba daga Aboabo, Asawase, Sawaba ko Tafo Zango da za ta zo da magana iri ɗaya: ciwo ya kwantar da yarinya, takarda ta farko jibi ce, me za a rubuta wa makaranta? Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa. Na yi maganar da mace domin mata sun fi yawa a azuzuwan nas, amma ɗalibi namiji ma hanyar ke nan. Kowace makaranta tana da littafin dokokin ɗalibai da ake rabawa a shekarar farko. Inda littafinku ya faɗi wani abu dabam da nawa, nasa za ki bi.

Anti, ai 'yan ajinmu da malamar hostal duk sun san ina kwance a asibiti. Dole sai na rubuta wasiƙa?

Dole ne, ƙanwata. Ranar jarrabawa, mai tsaron ɗaki yana zagayawa da takardar sa hannu. Wadda ba ta sa hannu ba, sai a rubuta ba ta zo ba, kuma babu gurbin rubuta dalili a wannan takardar. Bayan makonni, kwamitin da zai zauna a kan sakamako ba zai kira 'yan ajinku ya tambaye su ba. Fayil ɗinki zai buɗe. In akwai wasiƙa da takardar likita a ciki, ke mara lafiya ce. In babu, ke ɗaliba ce da ta ƙi zuwa jarrabawa, kuma a yawancin makarantu hukuncinta ɗaya da wadda ta faɗi.

Bambancin yana fitowa a takardar sakamako. A Jami'ar Ghana da ke Legon, wadda ba ta kammala kwas ba bisa dalilin da hukuma ta karɓa ana sa mata harafin I, wato kwas bai kammalu ba, wadda kuma ba ta da karɓaɓɓen dalili ana sa mata X, wanda faɗuwa ce. KNUST, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, a nan Kumasi ma tana amfani da I ga wanda ciwo ya hana shi rubutawa kuma aka karɓi rahoton likitansa. Kwalejojin horar da nas da ungozoma suna ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya, amma difilomarsu jami'o'i irin su KNUST da Jami'ar Cape Coast ne ke bayarwa, saboda haka irin wannan tsarin yana bin su. Aikin wasiƙarki shi ne ta mayar da rashin zuwanki daga faɗuwa zuwa kwas da ke jiran a kammala.

To me zan roƙa takamaimai? Ba cewa kawai zan yi a ɗage mini ba?

A nan ne wasiƙu da yawa ke lalacewa. “Ɗagewa” abu uku ne, kuma wadda ba ta faɗi wanne take so ba ta bar wa ofis ya zaɓa mata.

Na farko shi ne ɗage wasu takardu kaɗai. Kin halarci darussa, kin yi gwaje-gwajen tsakiyar simesta, kin yi aikin wod, ciwo ya zo a makon jarrabawa. Abin da kike nema shi ne a bar ki ki rubuta waɗannan takardun a zama na gaba, a ƙirga miki shi a matsayin karon farko, kuma a riƙe makin da kika tara a cikin simesta. Waɗannan abubuwa biyu na ƙarshe ki rubuta su ɓaro-ɓaro. Sau da yawa wadda aka ɗage wa takan zauna ɗaki ɗaya, rana ɗaya, da masu maimaici. In wasiƙar amincewa ba ta ce karon farko ba ne, za ki iya tarar da sunanki a jerin masu maimaici, a nemi kuɗin maimaici a hannunki, kuma takardar sakamako ta nuna kin taɓa faɗuwa.

Na biyu shi ne ɗage simesta ko shekara sukutum. Wannan na wadda ciwo ya cinye mata makonni ne: babbar tiyata, karaya, tarin fuka da ya raunana jiki, ko taɓuwar lafiyar ƙwaƙwalwa da ke buƙatar dogon hutu. Ki sani a kwalejin da ke ɗaukar ɗalibai sau ɗaya a shekara, darussan simesta ta farko ba a sake koyar da su sai baɗi, don haka ɗage simesta ɗaya yakan zama komawa ajin ƙannenki. Shekara uku ta difiloma ta zama huɗu. Kafin ki sa hannu, ki tambayi ofis a rubuce yadda abin zai shafi kuɗin makaranta da kika riga kika biya, da alawus ɗin ɗalibai, da gurbinki a hostal.

Na uku shi ne jarrabawar lasisi, wadda ba ta makaranta ba ce ma. Zan zo kanta a ƙasa.

Ra'ayina shi ne ki roƙi mafi ƙanƙantar abin da zai ishe ki. Wadda zazzaɓi ya kwantar kwana biyar ba ta da dalilin rubuta “a ɗage mini karatu”. Amma wadda ta yi wata biyu ba ta shiga aji ba, ta nace sai takardu kaɗai za a ɗage mata, ita ma kanta take cuta, domin makarantu suna da adadin halartar darasi da sai an cika kafin a zauna jarrabawa, kuma takardar likita ba ta mayar da darasin da ba a yi ba.

Yaushe ya kamata wasiƙar ta isa?

Kafin a buɗe takardar da za ki rasa, in da hali. In babu hali, a ranar ko washegari. Kada a jira sallama, kada a jira rahoton likita ya fito. A aika gajeriyar wasiƙa yanzu, a rubuta a cikinta cewa rahoton yana tafe, in ya fito a kai shi da wata 'yar wasiƙa mai tuna ta farko. Littafin dokoki yakan ba da wa'adin kawo takardar likita, kuma wa'adin yakan zama gajere.

Wasiƙar da ta zo bayan an kafe sakamako ita ce mafi rauni. Ko gaskiya ce zalla, mai karantawa zai yi zargin faɗuwa ce ta tuna miki da ciwon.

Ina kan gado da ƙarin ruwa a hannu. Wa zai rubuta?

Ki faɗa, wani ya rubuta, ki sa hannu ko da hannun hagu ne. In ba ki cikin hayyacinki, wanda sunansa ke fayil ɗinki a matsayin mai kula da ke, uba, uwa, yaya ko miji, shi zai rubuta da sunansa, ya faɗi dangantakarku da lambar wayarsa. Saƙon WhatsApp ga malamar aji yana da amfani domin yana nuna ranar da lokacin da aka sanar, amma ba ya maye gurbin takarda a ofis.

Wace takardar asibiti ake karɓa? An ba ni ta hutu, ba ta isa ba?

Takardu uku ne ke yawo a hannun majiyyata, kuma ɗalibai na rikita su. Akwai takardar hutun rashin lafiya, wadda kowa a asibiti ke kira eskiyus-diyuti: tana faɗin kwana nawa za ki huta, daga yaushe. Akwai takardar sallama, mai nuna ranar da aka kwantar da ke da ranar da aka sallame ki. Sai rahoton likita, wanda wasiƙa ce a kan takardar asibiti mai tambari, inda likita ke bayyana cewa ya duba ki kuma ba ki da halin zama jarrabawa daga rana kaza zuwa rana kaza. Rahoton ne mafi ƙarfi, kuma ba ya zuwa da kansa: sai kin nema, yakan ɗauki kwanaki, kuma yawanci ana biyansa daga aljihu ko da kina da katin inshorar lafiya. Katin asibiti, rasit ɗin magani da sakamakon gwajin jini shaidu ne na ƙari, ba su tsayawa su kaɗai.

Abin da ofis ke dubawa kafin komai shi ne ranaku. Bari mu ɗauki misali. A ce ga ɗaliba 'yar shekara ta biyu, mai sikila, gidansu a Aboabo. Daren Asabar 6 ga wata ciwon ƙashi ya tashi, aka kwantar da ita. Jadawalinta: takarda ranar Litinin 8, Laraba 10, Juma'a 12, Litinin 15, Laraba 17, sannan jarrabawar aiki a wod ranar Juma'a 19. An sallame ta Alhamis 11, likita ya ba ta hutun kwana bakwai daga wannan ranar, wato 11 zuwa 17. Yayanta ya kai wa makaranta takardar hutun, kowa ya kwantar da hankali.

Ki ɗora takardar a kan jadawalin ki gani. Ta rufe 12, da 15, da 17. Ba ta ce komai ba game da 8 da 10, ranakun da yarinyar ta fi jin jiki, domin hutun daga ranar sallama ya fara. A idon ma'aikacin da ke bin ranaku, takardu biyu na farko ba su da uzuri. Gyaran mai sauƙi ne in an lura da wuri: a haɗa da takardar sallama mai nuna 6 zuwa 11, ko a roƙi likita ya rubuta rahoto guda da ya ɗauko daga 6 har 17. Sannan ga ranar 19, wadda ke wajen hutun gaba ɗaya. Ko dai ta je ta yi jarrabawar aikin, ko ta koma asibiti kafin 17 ta cika a sake duba ta a ƙara mata kwanaki. Ba za ta zauna a gida ta ce ai jiki bai gama komawa ba.

Kafin ki bar asibiti, ki duba sunanki ya yi daidai da na rajistar makaranta. Wannan yana cin 'yan Zango sosai: katin asibiti na ɗauke da sunan da ake kiranki a gida ko sunan miji, makaranta kuma tana da sunan da ke takardar kammala sakandare, ko kuma harafi ɗaya ya bambanta. Ki duba akwai sunan likita a rubuce yadda za a iya karantawa, da sa hannu, da kwanan wata, da hatimin asibiti. Likitoci da mataimakan likita suna da rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Ghana, kuma sa hannun irinsu ake nema. Makarantu da yawa suna so asibitinsu ko likitan da suka amince da shi ya sake tabbatar da takardar da aka kawo daga waje. In hutu kika je Tamale ko Bawku ciwon ya same ki can, ki sa ran wannan matakin.

Wa zan rubuta wa, kuma da wane harshe?

Da Turanci, domin shi ne harshen ofis a Ghana. A kwaleji, shugaban makaranta wato firinsifal ake rubuta wa, amma ta hannun malamin aji ko shugaban shirin karatunku, wanda zai sa hannu ya tura gaba. A ba jami'in jarrabawa kwafi. A jami'a, ta hannun shugaban sashe take bi zuwa ga shugaban tsangaya ko magatakarda. Tsallake malamin aji ba ya hanzarta komai, domin daga sama za a maido masa da ita a tambaye shi ko ya san zancen.

Ki yi kwafi biyu. Wanda ya kai ya miƙa ɗaya, ya roƙi sakatariya ta buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, ya dawo miki da ita. Ki ɗauki hotonta a waya. Asalin takardun asibiti kuma kada su bar hannunki sai kin yi musu kwafi.

Ko za ki nuna mana yadda wasiƙar za ta kasance?

Ga ta ɗalibar misalinmu, da Hausa domin a ga ƙashin bayanta. Adireshinki da kwanan wata a sama, sai adireshin firinsifal, sai layin “ta hannun malamin aji”, sai gaisuwar ofis, sai kanun magana da manyan haruffa.

NEMAN ƊAGE JARRABAWAR ƘARSHEN SIMESTA SABODA RASHIN LAFIYA

Ni ɗaliba ce a shekara ta biyu, simesta ta farko, a shirin difiloma na aikin nas. Lambar jarrabawata tana ƙarƙashin sa hannuna.

An kwantar da ni a asibiti daren Asabar 6 ga wata, aka sallame ni ranar Alhamis 11. Likita ya ba ni hutu daga 11 zuwa 17. Saboda haka ban sami rubuta takardun ranar 8 da 10 ba, kuma ba zan iya rubuta na ranar 12, 15 da 17 ba. Sunayen kwasa-kwasan biyar da lambobinsu suna jere a ƙasa, kowanne da ranarsa. Yayana ya kawo wasiƙar sanarwa ofis ranar Litinin 8 da safe.

Ina roƙon a ba ni izinin rubuta waɗannan takardu biyar a zama na gaba da makaranta za ta shirya, a matsayin karon farko, tare da riƙe makin da na samu a cikin simesta. Zan halarci jarrabawar aiki ta ranar 19 kamar yadda aka tsara.

Na haɗa kwafin takardar sallama da na takardar hutu. Na nemi rahoton likita, zan kawo shi da zarar ya fito. A shirye nake likitan makaranta ya duba ni in an buƙata.

Sai rufewar ofis, sa hannu, cikakken suna, lambar jarrabawa, lambar waya, da jerin abin da aka haɗa.

Shafi ɗaya ke nan. Ki lura ba ta ba da labarin yadda aka nemi mota da tsakar dare ba, ba ta ambaci wahalar da mahaifiyarta ta sha wajen tara kuɗin makaranta ba, ba ta cika layi uku da ban haƙuri ba. Duk gaskiya ne, amma mai karantawa yana da tarin fayil a gabansa, abin da yake nema shi ne wace ce, waɗanne takardu, waɗanne ranaku, wace shaida, me take so. Lambobin kwas kuma ki kwafe su daga takardar rajista, kada ki rubuta daga ka, domin kwas da ba ki yi rajistarsa ba babu abin da za a ɗage a cikinsa.

Sai na faɗi sunan ciwon? Ba na son 'yan ofis su sani.

Wasiƙar da ke sama ba ta faɗi sikila ba, kuma ta cika. Abin da makaranta ke buƙata shi ne tabbacin likita cewa ba ki da halin zama jarrabawa a ranakun. Ƙa'idar haƙƙin majiyyaci ta Hukumar Lafiya ta Ghana ta ba ki haƙƙin sirri, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2012 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanan da ke buƙatar kulawa ta musamman. In ciwon irin wanda ake tsegumi a kansa ne, ɓari, ciwon damuwa, ko cutar da ke karya garkuwar jiki, ki roƙi likita ya rufe rahoton a ambulan, a rubuta “sirri” a kai, ya tafi kai tsaye ga firinsifal ko likitan makaranta.

Amma ga mai ciwon da ke dawowa, kamar sikila, asma ko farfaɗiya, shawarata ita ce ta sanar tun shekarar farko, a rubuce, a sa a fayil. A Ghana kusan jarirai biyu cikin ɗari ana haifarsu da sikila, kuma a Kumasi aka fara gwajin jarirai tun 1995, don haka ba baƙon abu ba ne ga malaman nas. Na san abin da ke sa 'yan mata ɓoyewa: tsoron maganar ta zaga Zango ta taɓa zancen aure. Sai dai wadda makaranta ta san da ciwonta tun farko, ranar da ya tashi a makon jarrabawa ba ta fara bayani daga tushe.

Hajiya, ni mahaifiyarta ce. A gida muka yi jinya, malam ya yi mata rubutu da tofi, muka sayi magani a kemis. Ba za a karɓa ba?

Mma, Allah ya ƙara sauƙi, amma ba za a karɓa ba. Ofis ba ya karɓar shaidar malam, ko ta mai kemis, ko ta maƙwabciya nas da ta zo gida ta sa ruwa. Babu mai hana ku addu'a da rubutu, ku haɗa da asibiti kawai, kuma a ranar da ciwon yake. Likita na iya shaida abin da ya gani ne. In kuka je bayan mako guda ta warke, iyakarsa ya rubuta cewa ta zo yau ta ce ta yi ciwo a makon jiya, wannan kuwa ba ya ɗaga komai. Ba sai Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye ba. Asibitin gwamnati na Manhyia ko na Tafo, ko wani asibiti mai rajista kusa da ku, duk suna buɗe fayil mai kwanan wata.

Wannan ya fi muhimmanci a ciwon da a gida ake cewa iska ce ko sammu: yarinya ta daina barci, tana kuka ba dalili, ko tana firgita. Irin wannan ma likita yana dubawa, yana kuma rubuta masa rahoto kamar kowane ciwo.

In je in roƙi firinsifal da kaina, ko mu tafi da liman?

Ki je ki gaishe ta in kina so, amma da wasiƙar a hannu. Alkawarin baki ba ya shiga fayil, kuma kwamiti ne ke yanke hukunci.

Na daure na shiga ɗakin jarrabawa, rabin lokaci jiri ya ɗebe ni. Yanzu fa?

Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce wadda ta zauna, ta rubuta, ta miƙa takarda ta fita, ta nuna tana da halin rubutawa, kuma makin da ta samu nata ne. Don haka in jiki ya ƙi a tsakiya, kada ki miƙa takarda shiru ki tafi hostal. Ki ɗaga hannu, ki gaya wa mai tsaro, ki roƙi ya rubuta a rahotonsa da lokacin da abin ya faru, a kai ki asibitin makaranta daga ɗakin. Wasiƙarki ta bi a ranar, tana ambaton wannan rahoton.

Ko a daure ko kada a daure, ya danganta. Zazzaɓin cizon sauro mara tsanani, an gwada an tabbatar, an fara maganin kwana uku, sau da yawa a rana ta uku mutum na iya zama awa biyu ko uku. Ɗage takarda saboda shi wani lokaci ya fi zaman wahala, domin za ki haɗa karatunta da na sabuwar simesta. Amma mai amai ba tsayawa, ko wadda ke kan allurar kashe zafi mai sa barci, ba ta da abin da za ta rubuta. Mai ƙarambau kuma, ko ta ji ƙarfi, tana yaɗa shi har sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo, don haka ba ita kaɗai abin ya shafa ba. Ta sanar, makaranta ta yanke ko za a keɓe mata ɗaki ko a ɗage.

Jarrabawar aiki da kwanakin wod da na rasa, su ma wasiƙar ta rufe su?

Sai in kin ambace su. Jarrabawar aiki tana buƙatar masu jarrabawa, da wod ko ɗakin gwaji, wani lokaci da majiyyaci na gaske, saboda haka sake shirya ta ya fi na rubutu wuya, kuma takan jira lokacinta. Kwanakin wod kuwa ba a yafe su, biyansu ake yi, yawanci a lokacin hutu, a sa miki hannu a littafin aikinki. Ki sa layi a wasiƙar: na rasa kwana kaza a wod kaza, ina roƙon a tsara mini lokacin ramawa. Mai kula da aikin asibiti na makaranta ya sami kwafi.

Ni 'yar shekarar ƙarshe ce, jarrabawar lasisi ce ciwon ya faɗo a kai.

Wannan ta Majalisar Nas da Ungozoma ta Ghana ce, wadda ke aiki a ƙarƙashin doka mai lamba 857 ta shekarar 2013. Ita ke sa rana, ita ke da tambayoyi, kuma ɓangaren rubutu a kwamfuta ake yinsa. Firinsifal ba ta da ikon matsar miki da ranar, ko ta so. Abin da za ta iya shi ne ta isar da uzurinki, domin makaranta ce ta gabatar da ke. Saboda haka wasiƙar ta bi ta hannunta zuwa ga magatakardan Majalisar, da lambarki ta Majalisar, da rahoton likita, kina roƙon a rubuta rashin zuwanki a matsayin na rashin lafiya, a ba ki damar zama na gaba, a kuma bayyana miki matsayin kuɗin rajistar da kika biya. Ki shirya wa jinkiri: sai an ci wannan jarrabawar ake shiga shekarar hidimar ƙasa ta zagayen asibitoci, don haka 'yan ajinku za su riga ki farawa.

Wata ta ce akwai wanda zai samo mini eskiyus-diyuti in na ba shi wani abu. Ban gama karatu ba ne kawai.

Kada ki kusance shi. Malamanki nas-nas ne da suka yi shekaru a waɗannan asibitocin, kiran waya ɗaya ya isa a duba ko an buɗe miki fayil a ranar. Faɗuwa takarda ana maimaita ta. Takardar jabu kuwa laifin ɗa'a ne da kan kai ga dakatarwa ko kora, a sana'ar da gaba ɗayanta ta dogara ga a yarda da abin da kika rubuta a fayil ɗin majiyyaci.

Na kai wasiƙa, mako biyu shiru. In ɗauka an amince?

A'a. Ki ɗauki kwafinki mai hatimi ki je wurin jami'in jarrabawa, ki tambayi inda ta tsaya: tana teburin malamin aji, ko ta kai ga firinsifal, ko tana jiran zaman kwamiti. Ki nemi amsa a rubuce mai faɗin kwasa-kwasan da aka ɗage, da lokacin da za ki rubuta, da cewa karon farko ne. In sakamako ya fito, ki duba abin da aka sa a gaban kowane kwas ɗin. In faɗuwa kika gani maimakon alamar rashin kammalawa, ki rubuta nan take ki haɗa kwafin amincewar. Alamar rashin kammalawa ita ma tana da wa'adi, in zaman da aka ba ki ya wuce ba ki rubuta ba tana iya rikiɗewa ta zama faɗuwa.

In kuma an ƙi, ki tambayi dalili. Sau da yawa abu ne mai gyaruwa: ranakun ba su haɗu ba, babu hatimi, sunan ya bambanta, ko likitan makaranta bai tabbatar ba. Ki gyara wannan abin, ki rubuta wasiƙar neman sake dubawa mai ambaton ranar ta farko, ki kai ta cikin wa'adin ɗaukaka ƙara da littafin dokokinku ya bayar. Wadda aka ɗage wa shekara guda kuma, kafin ta dawo za ta rubuta wasiƙar komawa karatu tun kafin a buɗe rajistar simesta, tare da takardar likita mai cewa ta sami lafiyar shiga aji da wod.